Daga Ina Mai Saye Ya Ga Kayan?

A ɗauki mai sayar da atamfa a Kantin Kwari da ke ɗora hotuna a Facebook, Instagram da TikTok. Masu saye ba sa taɓa adireshin da ta liƙa. Sai dai su ɗauki hoton kayan su turo mata ta WhatsApp, su ce, “Hajiya, wannan nawa ne?” Hoton kuwa iri ɗaya ne ko’ina, to ta yaya za ta san tallan da ya ja su?

Dabarar ita ce a rubuta wata lamba a jikin hoton kansa, domin rubutun ƙasan hoto ba ya biyo shi. Atamfa ɗaya, lamba uku: F12 a Facebook, G12 a Instagram, T12 a TikTok. Duk hoton da ya dawo, ya zo da shaidarsa. Ta rubuta lambar a littafi, amma ta ware wanda ya taya da wanda ya biya, don tayi ba ciniki ba ne. Wani tallan tambaya yake tarawa kawai.

A sa lambar kusa da tsakiya, saboda ana yawan yanke gefen hoto. Wanda kuma ya kira a waya, a tambaye shi inda ya gani tun kafin a shiga maganar kuɗi.