Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Yadda Ake Rage Hotunan da Suka Maimaitu Ba Tare da Asara Ba

Duk wanda wayarsa ko kwamfutarsa ta taɓa cika ya san saurin da hannu ke yi wajen gogewa. Ka ga hoto ɗaya a wuri uku, ka ce ai biyu sun yi yawa, ka share. Sai bayan wata guda ka nemi hoton ka tarar wanda ka bari ɗan ƙarami ne mai dishi-dishi, ko kuma babu shi kwata-kwata. Yawancin wannan asara daga abu ɗaya take tasowa: mutane na yanke hukunci da sunan fayil ko da kamanninsa, alhali duka biyun suna iya yaudara.

Mu ɗauki misalin mutumin da aka yi bikin ƙanwarsa. Mai hoto ya ba shi hotuna 400 a filashi, ya zuba su a kwamfuta cikin folda mai suna Biki. 'Yan uwa suka yi ta turo hotuna ta WhatsApp, daga baya ya kwashe na wayar ya zuba a kwamfutar. Wasu kuma an aiko masa ta imel, ya sauke su suka shiga Downloads. Yanzu yana so ya rage kaya, sai ya fara da hoto guda, `IMG_0412.JPG`, mai nauyin megabayit 5.2.

A Downloads ya ga `IMG_0412 (1).JPG`, shi ma megabayit 5.2. Wannan lamba ta cikin baka burauza ce ke ƙara ta idan ta tarar da fayil mai irin sunan a foldar. Alama ce mai kyau, amma ba hujja ba ce. Hujjar ita ce a gwada abin da ke cikin fayilolin biyu. Akwai lissafin da ake kira SHA-256, wanda ke karanta fayil daga farko har ƙarshe ya fitar da jerin haruffa da lambobi guda 64, tamkar zanen yatsa. Sunan fayil ba ya shiga lissafin. Idan ɗigo ɗaya ya canza a cikin hoton, jerin zai canza gaba ɗaya. A Windows ana samunsa da wannan umarni:

```
certutil -hashfile IMG_0412.JPG SHA256
```

Ya yi wa fayilolin biyu, sakamakon ya zo iri ɗaya. Waɗannan kwafin juna ne na haƙiƙa, goge ɗaya ba zai rage masa komai ba.

A foldar WhatsApp Images kuma ya ga `IMG-20240312-WA0005.jpg`. Amarya ce dai, zama ɗaya, murmushi ɗaya, amma nauyinsa kilobayit 180 kacal. WhatsApp na matse hoton da aka tura a matsayin hoto, ya rage girmansa, ya cire bayanan da kyamara ta rubuta a cikinsa, irin su ranar ɗauka. Kwanan watan da ke jikin sunan na ranar da hoton ya shigo ne, ba ranar biki ba. A fuskar waya ba za ka ga bambanci ba, sai ranar da ka kai a wanke maka shi babba. Saboda haka a nan mai nauyin ake bari. Sai dai a kula: kada ganin haka ya sa a share foldar WhatsApp ɗin dukanta. A cikinta akwai hotunan da ƙawayen amarya suka ɗauka da wayoyinsu, waɗanda mai hoto bai taɓa gani ba. Komai ƙanƙantarsu, su ne kaɗai kwafin da mutumin ke da shi.

Na uku shi ne mafi haɗari. A wata tsohuwar folda ya sake cin karo da `IMG_0412.JPG`, suna ɗaya har wasali. Da ya buɗe sai ya ga hoton sunan ɗansa ne na shekarun baya. Kyamarori da yawa na ba hotuna lamba huɗu a jere, idan suka kai 9999 su koma farko, kuma kyamarori biyu na iya fitar da suna ɗaya. Da ya haɗe foldojin biyu, Windows ta tambaye shi ko ta maye gurbin fayil, ya amsa mata da e, da hoton sunan ya tafi, kuma wanda aka danne ta wannan hanya ba ya zuwa Recycle Bin.

Ba wanda zai bi hotuna 400 ɗaya bayan ɗaya da umarni, shi ya sa ake amfani da manhaja. Akwai dupeGuru, kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Abin da ya fi amfani a cikinta shi ne tana ba ka damar sanya wa folda matsayin Reference, wato uwar folda wadda ba za ta bari a goge komai daga cikinta ba. Mutuminmu sai ya sa Biki a wannan matsayi, ya bar Downloads da WhatsApp Images a Normal, ya zaɓi binciken Contents domin a gwada ciki, ba suna ba. Wannan mataki na zaɓen uwa tun farko shi ke hana kuskuren da ya fi yawa: yau ka goge na wannan folda don akwai shi a waccan, gobe ka goge na waccan don kana zaton yana nan.

Manhajar tana kuma iya nemo hotuna masu kama da juna, kamar na WhatsApp ɗin nan. Wannan sakamakon da ido ake bin sa, domin hotuna biyar da aka ɗauka a daƙiƙa biyu za su fito a matsayin masu kama, alhali a ɗaya ne kawai ango bai rufe ido ba.

Akwai kuma abin da ke kama da kwafi biyu amma fayil ɗaya ne da ake hangowa ta taga biyu. Hoton da ka gani a Gallery ka kuma gan shi a DCIM ta manhajar fayiloli, ba biyu ba ne. Haka wanda ke Google Photos: idan ka jefa shi a shara daga cikin manhajar, zai fita daga wayar da ma'ajiyar intanet a lokaci guda. Mai son ya rage nauyin waya kawai, Free up space zai taɓa, wanda ke cire na wayar da aka riga aka ɗora ya bar na intanet.

Saboda haka kafin a taɓa komai, a kwafe foldojin gaba ɗaya zuwa wani filashi ko hadis na waje, a zare shi a ajiye. Abin da manhaja ta ce ya maimaitu, kada a goge shi nan take. A mayar da shi wata folda ta daban, a sa mata suna Jira. Daga nan a duba Biki, a tabbatar har yanzu hotuna 400 ne, a buɗe wasu daga ciki a ga suna buɗewa, domin fayil na iya lalacewa sunansa na nan daram. A bar Jira ta yi wata guda. A tuna cewa abin da aka goge kai tsaye daga filashi a Windows ba ya shiga Recycle Bin, tafiya yake yi.

Kai mai karatu, kafin ka goge kowane hoto, ka buɗe ɗan'uwansa da za ka bari, ka duba nauyinsa, ka san foldar da yake zaune. In ba ka iya nuna shi ba, to wanda ke hannunka shi ne kaɗai, ka bar shi.