Yadda Ake Fitar da Layi Ɗaya Daga Awon da Bai Jitu Ba

A ɗakin gwaje-gwaje na sashen injiniyanci, ɗaya daga cikin ayyukan farko da ake ba ɗalibi shi ne auna ƙarfin sifirin. Ana rataye sifirin ɗin a jikin ƙugiya, a kafa rula a gefensa, sannan a riƙa ɗora masa ƙarafan awo ɗaya bayan ɗaya ana rubuta yawan miƙewar da ya yi. Ƙa'idar da Robert Hooke ya bayyana a 1678 ta ce miƙewa tana tafiya daidai da nauyi, matuƙar ba a wuce abin da ƙarfen zai iya ɗauka ba. Ke nan idan aka ɗiga sakamakon a takardar giraf, ya kamata ɗigogin su jeru a kan miƙaƙƙen layi. A aikace ba sa jeruwa. Ido yana karanta rula a ɗan karkace, sifirin yana ɗan lilo bai gama tsayawa ba, sai wani ɗigo ya hau sama kaɗan, wani ya sauka ƙasa.

A ɗauka an yi awo biyar. Da aka ɗora kilo 1, sifirin ya miƙe milimita 2.1. Kilo 2 ya ba da 3.9, kilo 3 ya ba da 6.2, kilo 4 ya ba da 7.8, kilo 5 kuma ya ba da 10.1. Idan aka kira nauyi x, miƙewa kuma y, abin da ake nema shi ne layin y = a + bx. Harafin b shi ne hawan layin, wato milimita nawa sifirin yake ƙarawa a kowane kilo, a kuwa shi ne abin da rula za ta nuna idan babu nauyi ko kaɗan. Abubuwan da ba a sani ba guda biyu ne, amma awon da ke hannu biyar ne, kuma babu wani a da b da za su gamsar da biyar ɗin a lokaci guda. Ɗalibai biyu da suka ja layi da ido za su kawo amsa biyu, kuma babu mai hujjar cewa tasa ta fi.

Hanyar da ta raba wannan gardama ita ce ta mafi ƙarancin murabba'i. Adrien-Marie Legendre na Faransa ne ya fara buga ta a 1805, a cikin wani aiki kan hanyoyin taurari masu wutsiya. Carl Friedrich Gauss na Jamus ya buga nasa bayanin a 1809, inda ya ce yana amfani da ita tun 1795. Dukansu matsalarsu ɗaya da ta ɗalibin sifirin, awo ya yi yawa kuma bai jitu ba.

Tushen hanyar shi ne giɓi. Ga kowane layi da aka zaɓa, kowane ɗigo yana da tazara tsakanin abin da aka auna da abin da layin ya ce. Idan ɗigon yana sama da layi, giɓin na ƙari ne, idan yana ƙasa, na ragi ne. Tara giɓoɓin haka kawai ba ya isa a matsayin ma'auni, domin na ƙari da na ragi suna cinye juna, har layin da ya kauce sosai ya iya fitowa da jimillar sifiri. Saboda haka ake ninka kowane giɓi da kansa, abin da ake kira murabba'insa, kafin a tara. Wannan yana kawar da alamar ragi, yana kuma tsananta hukunci a kan babban giɓi: wanda ya ninka wani sau biyu yana ɗaukar nauyi sau huɗu. Layin da ya ba da jimilla mafi ƙanƙanta shi ne zaɓaɓɓe.

Ba a bin layuka ɗaya bayan ɗaya ana gwadawa. Jimillar murabba'an tana da siffar ƙwarya, gindinta ɗaya ne, kuma duk inda aka matsa daga gindin sai an hau. Layi yana da motsi iri biyu kacal: a ɗaga shi ko a sauke shi gaba ɗaya, ko kuma a karkata shi. Idan giɓoɓin ƙari sun rinjayi na ragi, ɗaga layin kaɗan zai rage jimillar, wanda ke nuna ba a kai gindi ba. Don haka a layin da ya fi dacewa, dole jimillar giɓoɓi ta zama sifiri. Haka kuma idan aka ninka kowane giɓi da nauyinsa x aka tara, dole wannan ma ya zama sifiri, in ba haka ba karkata layin kaɗan zai rage jimillar. Waɗannan sharuɗɗa biyu, idan aka rubuta su da alamomi, su ne jumlolin lissafin da ɗalibai ke kira nomal ikweshan. Alamar Σ tana nufin a tara duka, n kuma yawan awo ne:

```
n·a  + (Σx)·b  = Σy
(Σx)·a + (Σx²)·b = Σxy
```

Kyawun abin shi ne, ko awo biyar aka yi ko dubu biyar, jumlolin biyu ne, kuma jimilloli huɗu da yawan awo kawai suke buƙata. A awon sifirin, n shi ne 5. Jimillar nauyi 15 ce. Murabba'an nauyin, wato 1, 4, 9, 16 da 25, sun tashi 55. Jimillar miƙewa 30.1 ce. Idan aka ninka kowane nauyi da miƙewarsa ana samun 2.1, 7.8, 18.6, 31.2 da 50.5, waɗanda suka haɗu suka ba da 110.2. Jumlolin sun zama:

```
 5a + 15b =  30.1
15a + 55b = 110.2
```

A ninka ta farko sau uku, sai ta koma 15a + 45b = 90.3. A cire ta daga ta biyu, a ya ɓace, saura 10b = 19.9, wato b = 1.99. Da aka mayar da wannan cikin jumlar farko, a ya fito 0.05. Layin shi ne y = 0.05 + 1.99x. Tunda kilo ɗaya yana jan sifirin da ƙarfin niwton 9.81, raba 9.81 da 1.99 yana nuna cewa ana buƙatar kusan niwton 4.93 kafin sifirin ya miƙe milimita ɗaya. Wannan lambar ce injiniya yake nema tun farko.

Aiki bai ƙare a nan ba, kuma a nan ne rahotannin ɗalibai da yawa suke yin rauni. Dole a koma a duba giɓoɓin. Layin ya ce 2.04, 4.03, 6.02, 8.01 da 10.00, don haka giɓoɓin su ne +0.06, −0.13, +0.18, −0.21 da +0.10. Jimillarsu sifiri ce, kamar yadda sharaɗin farko ya buƙata. Jimillar murabba'ansu 0.107 ce. Wanda ya haɗa ɗigon farko da na ƙarshe da rula zai sami y = 0.1 + 2x, layin da a ido ba shi da laifi, amma jimillarsa 0.14 ce, ta fi girma. Daga 0.107 ɗin kuma ake gane ingancin awon. Ana raba ta da 3, wato awo biyar a cire biyun da aka kashe wajen fitar da a da b, sannan a ɗauki tushen murabba'in, sai a sami kusan milimita 0.19. Gwargwadon warwatsewar kowane karatu ke nan. Idan aka bi lissafin gaba, rashin tabbas a kan b ya kai kusan 0.06. Rubuta 1.99 ba tare da wannan ba yana nuna tabbacin da awon bai kai ba.

Tsarin alamomin giɓoɓin ma yana magana. A nan suna sauyawa tsakanin ƙari da ragi ba tare da sun taru gefe ɗaya ba, kamar yadda ake tsammani daga kuskuren karatu. Da na tsakiya duk sun zama ragi, na bakin biyu kuma ƙari, to ɗigogin lanƙwasa suka yi, wataƙila an ɗora nauyin da ya wuce iyakar sifirin har ya fara miƙewar da ba ya komawa. Jumlolin ba za su yi gargaɗi ba. Duk abin da aka zuba musu sai sun fitar da layi, ko da abin da ake aunawa ba ya bin layi.

Tsananta wa babban giɓi yana da farashi. Idan aka juya lambobi wajen rubutu, 7.8 ya koma 8.7, b zai tashi daga 1.99 zuwa 2.08, domin ɗigo ɗaya ya jawo layin duka wajensa. Ana gane shi daga giɓinsa, wanda zai kai +0.42 alhali maƙwabcinsa na kilo 5 ya faɗi zuwa −0.26. Abin da ya dace shi ne a sake ɗora kilo 4 a karanta. Goge ɗigo don kawai bai yi daɗin gani ba gyaran sakamako ne, kuma ba a yarda da shi. Akwai kuma kuskuren da giɓi ba ya nunawa sam. Hanyar ta ɗauka cewa x daidai yake, kuskuren duk yana cikin y. Idan ƙarafan awon duk sun gaza da kashi biyu cikin ɗari, ɗigogi za su jeru lafiya, amma b zai kauce da kusan kashi biyu ɗin. Maganin wannan sai a gwada ƙarafan a sikelin da aka tantance.

Zaɓin nauyin da za a ɗora ma yana shiga cikin amsar. Wajen warware jumlolin ana raba lissafi da n·Σx² − (Σx)², wanda a nan ya zama 275 − 225, wato 50. Da an yi amfani da kilo 2.8, 2.9, 3.0, 3.1 da 3.2, lambar za ta faɗo zuwa 0.5, rashin tabbas a kan b kuma ya ninka sau goma, daga 0.06 zuwa 0.6, da rula ɗaya da ido ɗaya. Da duk awon a nauyi ɗaya aka yi, lambar sifiri ce, kuma babu amsa. Shi ya sa ake baza awo tun daga ƙasan iyakar da na'urar za ta yi aiki har samanta. Wajen wannan iyaka kuwa layin ba shi da ta cewa: awon da ya tsaya a kilo 5 bai ba da izinin lissafa abin da kilo 20 zai yi ba.

Idan abubuwan da ake nema sun wuce biyu, misali an ƙara zafin ɗaki ko murabba'in nauyi, tsarin bai canja ba, kowane abu yana kawo jumla ɗaya. A taƙaice ana rubuta su AᵀAc = Aᵀy, inda A yake riƙe da jadawalin awo, c kuma lambobin da ake nema. Sai dai haɗa AᵀA yana tsananta kuskuren datse lambobi a cikin kwamfuta. Inda matsala take cinye lambobi huɗu na daidaito, ta wannan hanya tana iya cinye takwas. Saboda haka manhajojin lissafi kamar MATLAB da NumPy suke bi ta hanyoyin QR ko SVD, waɗanda ke kaiwa ga layi ɗaya ba tare da haɗa AᵀA ba. Ga miƙaƙƙen layi mai awo kaɗan da aka baza da kyau, jumloli biyun da kalkuleta sun wadatar, kuma idan lambobin x manya ne, cire matsakaicinsu daga kowanne kafin a fara yana kare lissafin daga wannan matsala.