Shafi Biyar da Za Su Bayyana wa 'Yan Ƙungiya Lissafin Shekara

A babban taron shekara na ƙungiyar gama kai, ma'aji kan karanto lissafi tiryan-tiryan, a tafa masa, a watse, alhali da yawa ba su gane inda kuɗinsu ya kwana ba. Shafi biyar da za a haska da majigi sun isa su gyara wannan, muddin kowane shafi tambaya ɗaya yake amsawa, kuma daga lissafin da mai binciken kuɗi ya sa wa hannu aka ɗauko alkaluman.

A ce ƙungiyar manoma ce mai mutum 200. Shafi na farko zai nuna abin da ke hannunta, a tsibi biyu masu launi daban: ajiyar mambobi naira miliyan 12, da hannun jari naira miliyan 6. Raba su wajibi ne, domin ajiya amana ce da mai ita zai iya nema, ba riba ba ce. Idan aka haɗe su, sai mutane su ga miliyan 18 su sa ran rabo mai tsoka.

Shafi na biyu, shiga da fita. An samu naira miliyan 2 daga sayar da taki da hayar injin casa, an kashe 800,000, rara ta zama 1,200,000. Ginshiƙai biyu a jere sun wadatar, amma tsayin kowanne ya dace da adadinsa, kada zane ya yi ƙarya.

Shafi na uku ya mayar da miliyoyin zuwa naira 100, a hoton tsabobi goma-goma. Daga kowace 100 da ta shigo, 40 ta tafi hidima, 15 ta shiga asusun ko-ta-kwana, wato kashi ɗaya cikin huɗu na rarar idan haka tsarin ƙungiyar ya tanada, 45 kuma ita ce ta rabo.

Shafi na huɗu shi ne wanda shugabanni suka fi son tsallakewa: bashi. An ba da rancen miliyan 10, ana biyan miliyan 8.5 a kan lokaci, miliyan 1.5 kuwa ya wuce wa'adi. A ajiye wannan jan ginshiƙi kusa da na rara, kowa ya ga bashin da ya maƙale ya fi rarar shekara. Ba a haska sunayen masu bashi, adadinsu kawai.

Shafi na ƙarshe na aljihun mutum ne. Naira 900,000 a kan jarin miliyan 6 na nufin mai jarin 10,000 zai karɓi 1,500. Kafin ranar taro, a gwada shafukan a gaban mamban da ba ya karatun boko. Shafin da ya kasa maimaita saƙonsa da bakinsa, a sake shi.