Siffofi Biyu na Ƙwayar Lishmaniya da Rawar Ƙudan Rairayi

Wannan maƙala ta dubi yadda ƙwayar lishmaniya, wadda Lishman da Donoban suka bayyana a 1903, take sauya siffa tsakanin mutum da ƙudan rairayi. Ƙudan bai wuce milimita 3 ba, kuma tamatarsa ce kaɗai ke shan jini, galibi daga magariba zuwa asuba.

A jikin mutum ƙwayar ƙwallo ce marar wutsiya, tana hayayyafa a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki da suka haɗiye ta. Wannan siffa ita ake kira amastigot, ita kuma likita ke nema a madubin awo. Idan ƙuda ya zuƙe ta da jini, sai ta miƙe ta fid da wutsiya, ta zama furomastigot. Cikin mako ɗaya zuwa biyu takan yawaita har ta toshe masa maƙogwaro da wata yauƙi, saboda haka in ya sake cizo sai ya amayar da ita.

Irin ƙwayar shi ke bambanta cutar. Wanda ke yankin Sakkwato ɓeraye ne ma'ajiyarsa, kuma a fata yake tsayawa, ya haifar da gyambon da kan warke bayan watanni ya bar tabo. Wanda ke yankin Gadarif ta Sudan kuwa, inda ƙauyukan Hausawa suke, ƙudansa na zaune a dazukan aduwa. Yana jure zafin cikin jiki, ya kama saifa da hanta da ɓargo. Alamarsa doguwar masassara da rama da kumburin saifa, kuma in ba magani yawanci ajali ne.