Ramin Da Babu Kowa: Ƙirga Tsiron Tumatir Daga Hoto

Manoman rani na yankin Kadawa da Kura a jihar Kano sun daɗe da sanin yayyafa irin tumatir a fangali, a rufe shi da ciyawa, a jira. A wannan tsari babu wanda zai iya cewa ƙwaya nawa ya zuba, balle nawa suka fito. Amma da irin zamani mai tsada ya shigo, wanda ake sayarwa a ƴan fakiti da ƙidayar ƙwaya, masu reno da yawa sun koma tiren roba mai ramuka, kowane rami ƙwaya ɗaya. Tiren ya kawo wata fa'ida da ba kowa ya lura da ita ba, wato ya mayar da tsiro abin da za a iya lissafawa, kuma wayar da ke aljihu ta isa aikin.

Tiren da aka fi gani yana da ramuka 128, layi 8 mai ramuka 16 kowanne, akwai kuma mai 200. Tunda an san yawan ƙwayar da aka sa, abin da ya rage shi ne sanin nawa suka tsiro. Sai a raba waɗanda suka tsiro da waɗanda aka shuka, a ninka da ɗari.

Wani zai ce me ya kawo hoto, ga tire a gabanka? Duk wanda ya taɓa tsugunawa yana bin ramuka da yatsa ya san cewa kafin ya kai layi na biyar ido ya fara yawo. Hoto kuwa ana buɗa shi, a ɗiga alama a kan abin da aka ƙirga, a ajiye shi da kwanan wata, a kuma tura wa mai sayar da iri idan magana ta taso.

Ingancin ƙirgar yana farawa ne tun daga ɗaukar hoton. A riƙe wayar a saman tiren daidai, tana kallon ƙasa, kusurwoyi huɗu duk su fito. Idan aka karkata ta, tsiron gaba zai rufe ramin da ke bayansa. A ɗauka a inuwa ko da sassafe, domin ranar tsaka tana jefa inuwar ganye cikin rami, jiƙaƙƙiyar roba kuma ta riƙa ƙyalli. A ajiye ƴar takarda a gefe mai ɗauke da sunan irin da ranar shuka.

Shawarata a nan guda ce: kada a ƙirga ganye, a ƙirga ramin da babu kowa. Ɗan tsiron tumatir yana fitowa da kunnuwa biyu sirara, kuma a hoto kunnen wannan yana shiga ramin wancan, sai a ga rami kamar yana da shuka alhali na maƙwabci ne ya leƙo. A nemi gindin tsiron, inda ya huda ƙasa. Ramukan da suka gaza kuwa kaɗan ne, bin su ya fi sauƙi, sai a ɗebe su daga 128.

Mu ɗauki misali. Mai reno ya shuka tire ɗaya, ya ɗauki hoto rana ta 5, ya ga ramuka 57 babu komai, wato 71 sun fito, kusan kashi 55 cikin ɗari. Da ya tsaya nan da ya ce an cuce shi. Rana ta 8 ramukan da babu kowa sun koma 24. Rana ta 14 saura 19, ma'ana 109 sun tsiro, kashi 85 cikin ɗari. Waɗannan ranaku ba a ka aka zaɓe su ba, domin a ƙa'idar gwajin iri ta duniya ana yi wa tumatir ƙirgar farko rana ta 5, ta ƙarshe rana ta 14. Cikin sanyin hunturu tsiro yana jinkiri, attaruhu da tattasai kuma dama sun fi tumatir nawa, don haka kada a yanke musu hukunci da wuri. Sai dai jira ma yana da iyaka: da zarar ganyen gaskiya ya bazu ya rufe tiren, hoto ba ya ƙara nuna ramuka.

Ba duk abin da ya tsiro ne zai je gona ba. A cikin 109 ɗin nan, a ce 6 sun tsumbure, ko ɓawon irin ya maƙale a kunnuwansu, ko gindinsu ya fara ruɓewa. Na dashe 103 ne ke nan. Idan gonar tana buƙatar shuka 10,000, sai a raba da 103, a samu tire 98, wato ƙwaya 12,544. Wanda ya sayi ƙwaya 10,000 cif zai tarar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na gonarsa babu abin dasawa.

Inda lissafin yake yawan ɓacewa shi ne wajen masu jefa ƙwaya biyu a rami don gudun asara. A ce irin yana tsirowa kashi 70 cikin ɗari. Rami ba zai zauna wayam ba sai ƙwayoyin biyu sun mutu tare, wato 0.3 sau 0.3, kashi 9 cikin ɗari kacal. Hoton zai nuna ramuka kashi 91 cikin ɗari sun cika, mai shi ya yi ta yabon iri mai rauni. Tiren gwaji dole ya zama ƙwaya ɗaya a rami.

Hoton yana kuma faɗin abin da lamba ba ta faɗa. A dubi inda giɓin yake. Idan ya warwatsu nan da can babu tsari, zargi ya fi karkata ga irin kansa, ko ya tsufa ko ya sha zafi a ajiya. Idan ya jeru a bakin tire, gefen da rana ko iska ke buga, ƙasar wurin ce ta bushe. Idan ya taru wuri guda yana faɗaɗa daga hoton wannan rana zuwa na gaba, har tsiron da aka gani jiya ya kwanta yau, cutar ruɓewar gindi ce, wadda yawan ban ruwa ke ƙarfafawa. Shi ya sa lambar da ke jikin fakiti takan fi ta tire: waccan an same ta ne a ɗakin gwaji, da ƙwaya 400 a zafi da danshin da aka daidaita, taka kuwa ta haɗa da zurfin shukarka da ruwanka.

Tire ɗaya ma shaida ce ƙarama. Da ƙwaya 128, sakamakon kashi 85 zai iya kauce wa gaskiyar irin da maki shida sama ko ƙasa. Da tire huɗu kaucewar takan ragu zuwa maki uku. A ɗauko su daga wurare daban-daban na rumfar, kada a zaɓi wanda ya fi kyan gani.

Masu tire ɗaruruwa sukan bar wa kwamfuta ƙirgar. Manhajar ImageJ kyauta ce: da Color Threshold ake ware koren launi daga ƙasa, Analyze Particles kuma ya ƙirga ɗigon koren. Amma ita kore kawai ta sani. Gansakukar da ke hawa kan jiƙaƙƙiyar ƙasa tsiro ce a wurinta, haka ciyawar da ta biyo taki. Tsiro biyu da suka taɓa juna ta ɗauke su ɗaya, kunnuwa biyu na tsiro ɗaya kuma wani lokaci ta raba su biyu. Kafin a yarda da lambarta, a ƙirga tire uku ko huɗu da ido a kwatanta, in an ga bambanci a gyara ma'aunin launin a sake gwadawa a kan hotunan nan dai.