Tambayar lissafi ce, ko ta Turanci?

Ɗalibin da ya tashi da Hausa a gida, ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO, aiki biyu ne a gabansa: ya warware Turancin tambayar, sannan ya yi lissafin. Idan ya faɗi, makinsa ba zai gaya mana a wanne ya yi tuntuɓe ba. Haka abin yake ga ɗan Maraɗi da ke amsawa da Faransanci.

A Amurka, Jamal Abedi da Carol Lord sun gwada wannan, suka wallafa sakamakon a 2001. Sun ɗauki tambayoyin lissafi na jarrabawar ƙasa, suka sassauta kalamansu ba tare da taɓa lissafin ba, suka bai wa ɗalibai fiye da dubu 'yan aji takwas. Maki ya ƙaru, amma kaɗan, kuma ɗalibai masu rauni a lissafi suna cikin waɗanda suka fi amfana. Wato gyaran ba ya maye gurbin koyarwa.

Mu kwatanta da Hausa. Malami ya rubuta: "Idan aka ce wani ɗan kasuwa, wanda ya sayo buhu 12 na shinkafa a kan naira 40,000 kowanne, ya sayar da ragowar a kan naira 50,000 kowanne bayan an cire buhu 2 da ruwa ya lalata, mece ce ribarsa?" Jimla ɗaya ce ta goya sharaɗi da bayani cikin bayani, ga shi an ambaci sayarwa kafin lalacewa, alhali lalacewar ce ta riga faruwa.

Ga gyaran: "Ɗan kasuwa ya sayi buhu 12 na shinkafa, kowanne naira 40,000. Ruwa ya lalata buhu 2. Ya sayar da sauran, kowanne naira 50,000. Nawa ce ribarsa?" Amsa ba ta sauya ba: ya kashe 480,000, ya samu 500,000, riba 20,000.

A nan ne masu kyakkyawar niyya ke wuce gona da iri. Da malamin ya rubuta "sauran buhu 10", ya yi wa ɗalibi ɗebewar da ake son ya yi da kansa. Haka kalmar "riba": ba a cire ta, domin saninta yana cikin darasin. Abin da ake cirewa shi ne baƙuwar kalmar da ba ruwanta da darasi.

Kafin ranar jarrabawa, malami ya sa ɗalibai kaɗan su faɗi da Hausa abin da tambayar ke nema, ba tare da sun lissafa ba. Inda suka yi ta kame-kame, nan gyara yake. Sannan a raba tsohuwar da sabuwar ga aji. Idan har gwanayen Turanci ma makinsu ya yi tsalle sosai, a sake duba gyaran, wataƙila lissafin ne aka rage.