Jawabin Mai Unguwa a Taron Karo-karon Rijiyar Burtsatse

A unguwannin Kano da ruwan famfo daga Challawa ko Tamburawa bai cika isa ba, haƙa rijiyar burtsatse ta haɗin gwiwa kan fara ne daga jawabin mai unguwa. Akan yi taron a ƙofar gidansa ko harabar masallaci, yawanci bayan sallar La'asar ko Isha, bayan liman ya sanar da magidanta. Mai unguwa ba shi da ikon ɗora wa kowa haraji, don haka abin da zai tara ya dogara ga yadda aka gamsu da maganarsa.

Jawabin yakan buɗe da addu'a da gaishe da dattawa, sannan a taɓo ladan shayar da ruwa, sau da yawa da tarihin Sayyidina Usman bin Affan, wanda ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Wannan yana tausasa zukata, amma lissafi ne ke buɗe aljihu. Gogaggen mai unguwa yakan fara da kuɗin da mutane suke kashewa tun yanzu. A misali, gidan da ke sayen jarka 6 kullum a hannun 'yan garuwa, kowacce a naira 100, yana kashe naira 18,000 a wata. Idan an ƙiyasta aikin a naira miliyan 6 a unguwa mai gidaje 200, kason kowane gida naira 30,000 ne, wato bai kai kuɗin ruwan wata biyu ba.

Raba kuɗi daidai wa daida a baki kawai yake da sauƙi. Akwai gidan marayu, akwai gidan haya mai ɗakuna goma wanda mai shi yake zaune a wata unguwa, akwai mai wankin mota da zai sha ruwan gida biyar. Shi ya sa akan kasa mutane gida-gida gwargwadon ƙarfi, a yarda da biya kashi-kashi, marasa hali kuma su ba da ƙarfinsu wajen haƙa ramin bututu. Attajiran unguwa kuwa akan same su a gida tun kafin taro, domin alkawarin farko da aka furta a bainar jama'a shi ke zama ma'aunin sauran.

Wajibi ne a faɗi abin da kuɗin zai saya: gwajin ƙasa, haƙa, bututun da ake zurawa cikin rami, injin sumo, faranta sola ko janareta, tanki da ƙarfen ɗora shi. Tanki mai lita 5,000 jarka 200 ce kawai mai lita 25, wato jarka ɗaya ga kowane gida a misalin da ya gabata, don haka sai an cika shi sau da dama a yini. Mafi yawan ƙasar Kano kuma a kan dutse take, ruwan yana maƙale ne a tsagogi da ruɓaɓɓen dutse, saboda haka ana iya haƙawa a tarar da ƙarancinsa ko da an yi gwaji. Mai unguwar da ya ɓoye wannan, shi za a fara zargi idan rami ya fito a bushe. Gara ya bayyana tun farko wanda zai ɗauki asarar bisa yarjejeniya da mai haƙa, ya kuma bayyana cewa wurin ya yi nesa da masai, aƙalla mita 30 kamar yadda aka saba ba da shawara.

Inda aka fi samun tangarɗa shi ne amana. Jama'ar da aka taɓa karɓar kuɗinsu aiki bai yiwu ba, shiru suke yi, a tashi da “Allah ya ba da iko” ba tare da an rubuta sunan kowa ba. Maganin wannan shi ne mai unguwa ya nisanta kansa daga riƙe kuɗin: a zaɓi kwamiti a nan take, a buɗe asusun banki da ba a cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu ko uku, a ba da rasit, a riƙa karanta shiga da fita a fili. Filin ma a rubuta kyautarsa da shaidu, a sanar da dagaci, don kada magada su rufe famfon bayan rasuwar mai shi.

Abin da ake yawan mantawa shi ne kuɗin gyara. Sumo yana ƙonewa idan ya ci gaba da aiki bayan ruwa ya ja baya, abin da ke faruwa a ƙarshen rani, wajen Afrilu da Mayu. Idan ba a amince a taron farko da ɗan kuɗin da za a riƙa biya kan kowace jarka ko kowane wata ba, da wuya a ɗora shi daga baya, domin mutane sun riga sun ɗauka ruwan kyauta ne. A kan wannan farashi da lokutan buɗe famfo ake buƙatar jin ta bakin mata, waɗanda ba su cika halartar taron ba alhali su suka san yawan ruwan da gida ke ci. Akan kai musu bayanin ta makarantun Islamiyya na matan aure, a dawo wa kwamiti da ra'ayinsu kafin a tsayar da magana.